Wa ya wuce matsakaicin aji? A bar fomula ta nuna

Malami ya zuba makin ɗalibai biyar a Excel, daga B2 zuwa B6: 40, 45, 50, 55 da 90. Tambayarsa ɗaya ce: su wa suka haura matsakaicin ajin? Jimillar makin 280 ne, a raba biyar ya ba da 56. Ke nan mai 90 kaɗai ya haura.

Yawancin mutane kan garzaya zuwa Color Scales, wanda ke shafa wa kowane gurbi launi, daga ja zuwa ruwan ɗorawa zuwa kore. Yana da kyan gani, amma ba ya amsa tambayar malamin. Idan ba a sauya saitinsa ba, mai launi uku yana kafa tsakiyarsa ne a kan makin da ya faɗo tsakiyar jerin, wato 50 a nan, ba 56 ba. Sai mai 55 ya fara karkata zuwa kore alhali bai kai matsakaicin ba. A ganina, duk inda amsar take "e" ko "a'a", launi ɗaya ya wadatar.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi B2 zuwa B6, kana farawa daga B2. Ka shiga Home, Conditional Formatting, New Rule, ka zaɓi "Use a formula to determine which cells to format", sannan ka rubuta:

```
=B2>AVERAGE(B$2:B$6)
```

Sai ka danna Format ka zaɓi launi.

Alamar $ ɗin nan ita ce ƙashin bayan aikin. Excel yana gwada fomular gurbi bayan gurbi yana gangarawa, alamar kuma ita ke riƙe jerin kada ya zame. Idan ka manta da ita, a B5 zai gwada 55 da matsakaicin 55 da 90 kawai, a B6 kuwa ya gwada 90 da kansa. Babu gurbin da zai sami launi, kuma Excel ba zai yi maka gargaɗi ba. Don haka ka lissafa matsakaicin a wani gurbi na gefe, ka gwada da abin da ido ke gani.

Ba a sa $ gaban B ba da gangan: in ka faɗaɗa dokar zuwa makin Lissafi a jerin C, zai auna kansa da nasa matsakaicin.

Sai a kula da ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba. AVERAGE yana tsallake gurbin da ba komai, amma yana ƙirga sifili, wanda ke jan matsakaicin ƙasa. In kuwa ka rubuta "bai zo ba", Excel yana ɗaukar rubutu ya fi kowace lamba girma, sai ya shafa masa launin hazaƙai. Maganinsa:

```
=AND(ISNUMBER(B2),B2>AVERAGE(B$2:B$6))
```

Da wannan, gurbin da ke ɗauke da lamba ne kaɗai za a auna.