Mai Rubuta Kan Bidiyo da Takardar da Yake Kai wa Mai Shago

Idan damina ta ɗauke, manoman fadamar Rima suka fara shirin albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, shagunan kayan noma a Goronyo da Wurno da Achida sukan cika. Da yawa daga cikin masu shagunan nan suna ɗaukar kayansu da waya su ɗora a Facebook ko TikTok ko YouTube, amma abin da suke rubutawa a kai bai wuce "Sabon kaya ya iso" ba. A nan wata ƙaramar sana'a ta samu gurbi. Matashi ne da wayarsa, ba ya ɗaukar hoto, ba ya tace bidiyo. Aikinsa rubuta kan bidiyon da bayanin da ke ƙarƙashinsa, a biya shi wata-wata.

A ɗauki mai sayar da injin ban ruwa a Goronyo. Manomin Rabah da injinsa ya lalace ba zai taɓa rubuta "sabon kaya" a wurin bincike ba. Zai rubuta sunan abin da girmansa. Don haka marubucin zai sa: "Injin ban ruwa inci 3 mai fetur, Goronyo". YouTube na karɓar haruffa 100 a kai, amma allon waya yana yanke dogon rubutu, shi ya sa sunan kaya ke zuwa farko, gari ya biyo baya, kirari kuwa a bar shi. A bayanin, layi biyu na farko su ne ake gani kafin a taɓa don buɗe saura, to a nan ake sa farashi da ranar da aka faɗe shi da inda shagon yake. Ranar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Bidiyon Nuwamba yana nan har Maris, kuma mutumin da ya biya kuɗin mota daga Rabah saboda tsohon farashi ba zai sake yarda da shagon ba. Wanda ya san aikin yakan kuma rubuta suna irin "ƙwayar iri" sau ɗaya da ƙugiya, sau ɗaya babu, domin yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya.

Sai dai gwanintar rubutu ba ta kawo ciniki sai an iya gabatar da tayi. Mai shago ba ya da lokacin karanta shafi uku. Tayin kirki gajere ne, ga misalin yadda yake tafiya: "Alhaji, barka da kasuwa. Na ga bidiyonka na injin ban ruwa, ga yadda zan rubuta kansa da bayaninsa, ka duba ba sai ka biya ba. In ya yi maka, zan riƙa rubuta na bidiyo 8 kowane wata. Ka turo mini bidiyo da farashi, in mayar maka da rubutu washegari. Gyara sau ɗaya a kowanne yana cikin kuɗin. Rabi a farkon wata, rabi a ƙarshe. Mu gwada wata ɗaya." Sau da yawa gara a bi rubutun da saƙon murya a WhatsApp, ko a je shagon bayan la'asar a karanta masa.

Abin da na fi so mai wannan sana'a ya kiyaye shi ne alkawari. Yawan rubutu da lokacin kawo shi suna hannunsa. Yawan masu kallo ba ya hannunsa, kuma duk wanda ya ce wa Alhaji zai kawo masa masu kallo dubu goma ya sayar da abin da bai mallaka ba. Ma'aunin da ya dace da shago shi ne kiran waya. A ajiye littafi kusa da aljihun tebur, duk wanda ya kira a tambaye shi inda ya ga kayan. In wata ya ƙare masu kallo sun ƙaru amma waya shiru, kan bidiyon yana jawo 'yan kallo ne daga nesa, a ƙara fito da sunan gari da farashi. In ana kira ana tambayar abin da babu, rubutun ya faɗi fiye da abin da ke shago.

Rigima ta fi tasowa a wuri biyu. Na farko, mai shago ya ɗauka kuɗin ya haɗa da ɗaukar bidiyo da amsa saƙonni, don ba a faɗa a takarda cewa ba sa ciki ba. Na biyu, lambar sirrin shafin mai shago. Kada marubuci ya karɓe ta, ya tura rubutu kawai mai shago ko yaronsa ya ɗora. Kuma in kayan maganin feshi ne, kada a rubuta masa wani aiki da ba ya jikin takardar kwalbar.

Ciniki a wannan yanki yana bin lokacin noma, don haka tayin ma ya bi shi: bidiyo 8 a watannin shirin rani, 4 idan kasuwa ta lafa, kuɗin ya sauka daidai da haka. Mai shago, kafin ka amince, nemi a rubuta maka samfuri ɗaya a kan kayanka, ka ɗora shi, ka sa ɗanka ya nema a wayarsa ya ga ko zai same shi.