Yadda banki ke lissafa kuɗin ruwan katin bashi, da abin da jinkirin biya ke ci

Mu ƙaddara wani ma'aikaci a Abuja, mu kira shi Malam Sani, ya buɗe takardar bayanin asusun katin bashinsa ta watan Yuni. Ragowar bashin sayayyar da ke kansa a ƙarshen wata N170,000 ne, kuma ya san ruwan katin kimanin kashi 3 cikin 100 ne a wata. Da ya buga lissafi a wayarsa, sai ya samu N5,100. Amma abin da banki ya rubuta shi ne N6,300.

Bankin bai yi kuskure ba. Abin da ya shige wa Malam Sani duhu shi ne, ba a kan adadin da ya rage a ƙarshen wata ake ɗora ruwa ba. Ana ɗora shi ne a kan matsakaicin bashin da mutum ya kwana da shi a kowace rana ta watan. A takardun banki ana rubuta wannan adadi da sunan Average Daily Balance.

Katin bashi ya bambanta da katin cirar kuɗi da yawancin 'yan Najeriya ke riƙe da shi. Da katin cirar kuɗi, abin da mutum ya ajiye yake kashewa. Da katin bashi kuwa, kuɗin banki yake kashewa, ya biya daga baya. Ganin yadda ake ƙara buɗe ƙofar sayayya a kan bashi, musamman tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar CREDICORP a 2024, wannan lissafi ya fara shafar aljihun ma'aikata kai tsaye.

Ruwan rana guda

Matakin farko shi ne gano ruwan rana guda. A misalinmu, yarjejeniyar katin ta ce ruwan shekara kashi 36.5 cikin 100 ne. Idan aka raba shi gida 365, za a samu kashi 0.1 cikin 100 a rana. Wato duk N1,000 da ta kwana a matsayin bashi tana jawo naira ɗaya. A wata mai kwana 30, wannan ya zama kashi 3 ɗin da Malam Sani ya sani.

Kwana nawa kowane adadi ya yi?

Mataki na biyu shi ne bin watan daki-daki. Malam Sani ya shiga Yuni da bashin N200,000 da ya rage daga watan Mayu. Ranar 11 ga wata ya yi sayayyar N60,000, bashin ya hau zuwa N260,000. Ranar 21 ga wata ya biya N90,000, ya sauko zuwa N170,000.

Watan ya kasu kenan gida uku, kowanne kwana goma. N200,000 sau goma ya ba da N2,000,000. N260,000 sau goma ya ba da N2,600,000. N170,000 sau goma ya ba da N1,700,000. Jimillarsu N6,300,000. Idan aka raba wannan da kwanakin watan 30, sai a samu N210,000, wanda shi ne matsakaicin bashinsa na kullum.

Daga nan sauran aikin kaɗan ne: a ninka N210,000 da ruwan rana guda, sannan a ninka da kwana 30. A na'urar lissafi haka za a buga:

```
210000 × 0.001 × 30 = 6300
```

Ga inda N6,300 ta fito. N170,000 da Malam Sani ya dogara da ita kwana goma kacal ta yi, sauran kwana ashirin kuwa bashin ya fi haka nauyi.

Ranar biya tana da farashi

Tunda kwanaki ake ƙirgawa, lokacin biya yana da tasiri kamar yadda yawan kuɗin yake da shi. Da Malam Sani ya biya N90,000 ɗin nan ranar 6 ga wata maimakon 21, da matsakaicin bashinsa ya sauka zuwa N165,000, ruwan kuma ya tsaya a N4,950. Jinkirin kwana 15 ya ci masa N1,350, alhali kuɗin da ya fitar bai canza ba.

Sai dai ranar da banki ke aiki da ita ita ce wadda kuɗin ya shiga asusun katin, ba lallai wadda mutum ya tura ba. Idan lissafin mai kati ya saɓa da na banki da ɗan kaɗan, nan ne wurin fara dubawa. Wuri na biyu shi ne yawan kwanakin, domin zagayen lissafin kati ba dole ya fara ranar 1 ga wata ba.

Rangwamen da ke suɓucewa

Yawancin katunan bashi suna da wa'adin rangwame: wanda ya biya duka abin da takarda ta nuna kafin ranar da aka yanke, ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyarsa. Amma da zarar ya bar ragowa ta tsallaka zuwa wani watan, galibi rangwamen ya faɗi. Shi ya sa sayayyar N60,000 ta Malam Sani ta fara jawo N60 a kullum tun daga ranar da ya yi ta. Cire tsabar kuɗi da katin kuwa yawanci ba shi da rangwame ko kaɗan, kuma yakan zo da caji na daban.

Tsadar ɗaukar bashi zuwa gaba

Malam Sani zai shiga Yuli da N176,300, domin ruwan Yuni ya haɗe da uwar kuɗi, shi ma zai fara haifar nasa ruwan. Saboda wannan hauhawa, bashin da aka bari shekara guda ba a taɓa ba zai ƙaru da kusan kashi 43 cikin 100, ba 36.5 ba.

A ce ya daina sayayya da katin, yana biyan N10,000 a ƙarshen kowane wata. A watan farko fiye da N5,000 na wannan kuɗi ruwa zai cinye, abin da zai rage uwar kuɗi bai kai rabi ba. A haka sai ya shafe kimanin wata 26 kafin ya fita, ya biya ruwan da ya kusa N80,000. Idan ya ninka biyan zuwa N20,000, zai gama cikin wata 11, ruwan kuma ya tsaya a kimanin N32,000.

Wannan tazara ce ta sa dokar katin bashi ta Amurka ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da bashi zai ɗauka, da jimillar abin da za a biya, idan mutum ya tsaya kan mafi ƙarancin biya. Mai kati a nan gida zai iya yi wa kansa gwaji mai sauƙi: ya cire ruwan watan daga abin da ya biya. Abin da ya saura shi ne kaɗai ya taɓa bashin. A Yuni, daga N90,000 da Malam Sani ya biya, N6,300 ta tafi a ruwa, N60,000 ta maye gurbin sabuwar sayayya. Bashin da ya shigo da shi ya ragu ne da N23,700 kawai.