Bidiyo ya ƙi shiga filash alhali akwai wuri: yadda ake raba shi

Mai ɗaukar bidiyon biki ya gama tace aikinsa: fim na awa 2, nauyinsa gigabayit 9. Ya jona filash mai gigabayit 16 wanda babu komai a cikinsa, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Ina matsalar?

Matsalar tana ga tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, kuma har gobe ƙananan filash da katunan memori da yawa da shi suke zuwa. A wannan tsari, fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4, komai yawan wurin da ya rage. Mayar da filash ɗin exFAT yana kawar da wannan iyaka, sai dai tsofaffin talabijin da na'urorin DVD da dama ba sa karanta shi. Nan ne raba bidiyon yake zama mafita, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ta sufuri ce kawai. A manhajar 7-Zip akwai gurbin "Split to volumes, bytes". Idan ya rubuta 3500M, zai samu gutsattsari uku masu ƙarewa da.001, .002 da .003. Babu wanda zai kallu shi kaɗai, domin an yanka su ne da ma'aunin nauyi, ba a kula da inda hoto ya tsaya ba. Sai an tara su wuri ɗaya a wata kwamfutar, a buɗe na farko, fim ɗin ya dawo yadda yake. Ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya.

Amma iyalan amarya so suke su jona a talabijin su kalla. Su hanya ta biyu ce ta dace da su: yanka bisa lokaci. Lissafin mai sauƙi ne. Gigabayit 9 a minti 120 ya kama megabayit 75 a kowane minti, minti 40 kuma wajen gigabayit 3 ke nan. Minti 40 daƙiƙa 2400 ne, sai a ba manhajar FFmpeg wannan umarni:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -map 0 -c copy -f segment -segment_time 2400 -reset_timestamps 1 kashi%02d.mp4
```

Kalmar `-c copy` ita ce ƙashin bayan umarnin. Kwafa ake yi, ba a sake sarrafa hoton ba, shi ya sa ingancinsa ba ya raguwa, aikin kuma ba ya jan lokaci.

Yankan ba ya faɗawa daidai kan minti 40. Bidiyo yana ajiye cikakken hoto ne jefi-jefi, abin da ke tsakani kuwa canje-canje ne kawai, don haka manhajar takan jira cikakken hoto na gaba kafin ta yanka. Wurin rawa da kai-komo ma ya fi wurin jawabi nauyi, saboda haka kashi-kashin ba za su zo daidai wa daida ba. Dalilin barin ratar gigabayit guda ke nan.

Kafin ya goge na asali, mai bidiyon yakan buɗe kowane kashi, ya kalli farkonsa da ƙarshensa, ya tabbatar murya tana tafiya tare da hoto.