Yadda Zobe Ke Riƙe Dutsensa

A shekarar 1886 kamfanin Tiffany na birnin New York ya fito da wani zobe da ya sauya fasalin zoben baiko. Kafin lokacin, yawanci daimon na zaune ne a nutse cikin ƙarfe, samansa kawai ake gani. Sabon zoben ya ɗaga dutsen sama a kan siraran ƙafafu shida, haske na ratsa shi ta kowane gefe. Wannan riƙon shi masu sana'ar ke kira furon, kuma har yau shi ya fi yawa a kasuwa.

Kyansa a fili yake, haka ma hatsarinsa. Daimon ne ya fi kowane dutse tauri, yana kan mataki na 10 a ma'aunin Mohs, shi ya sa mutane ke ɗauka ba ya fashewa. Amma wannan taurin na hana shi karcewa ne kawai. Idan ya bugu a daidai wurin da ya fi rauni, sai ya ɓantare, kuma wurin da ya fi shan bugu shi ne siririn bakin da ya zagaye tsakiyarsa. Riƙon ƙafafu kuwa a buɗe yake barin wannan bakin.

A ce mace ta sayi zobe mai daimon mai kusurwa huɗu, tana sa shi kullum, da shi take wanke-wanke, da shi take buɗe ƙofar mota. Kusurwoyin nan ne za su fara karɓar bugu, don haka gwanin maƙeri kan lanƙwasa kan kowace ƙafa ta rungume kusurwar ta gefe biyu. Yau da gobe kawunan ƙafafun na cinyewa. Alamar farko ita ce zoben ya fara kama zaren mayafi ko leshi. Ta biyu, a kai shi kusa da kunne a ƙwanƙwasa da yatsa. In an ji ƙas-ƙas, dutse ya yi sako-sako. A nan ya kamata a cire shi a kai wa maƙeri ya matse ƙafafun ko ya ƙara musu ƙarfe. In ƙafafu huɗu ne ɗaya ta karye, dutsen na gab da faɗuwa, alhali mai shida yakan ci gaba da riƙe shi har a lura.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne. Gwal mai karat 21 ko 22, wanda matanmu suka fi so, yana da laushi, siririyar ƙafarsa ba ta da wuyar lanƙwashewa. Saboda haka aka fi ɗora daimon a kan mai karat 18 ko filatinam.

Riƙo na biyu, bezal, ya girmi na ƙafafu nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin zoben azurfa mai dutsen aƙiƙ a yatsan dattijo ya san shi. Maƙeri na zagaye dutsen da siririn bangon ƙarfe, ya zaunar da shi, sannan ya bi bakin yana dannawa har ya kwanta a kansa. Babu abin da zai maƙale a tufafi, gefen dutsen kuma a rufe yake ruf. Ga duwatsu marasa ƙwari, shi ne ya fi dacewa. Ofal bai wuce mataki na 6.5 ba, zumurrudu kuwa yawanci yana da ƙananan tsaguwa a cikinsa tun daga ƙasa. Abin da ake rasawa shi ne ganin gefen dutsen, kuma in maƙerin ya cika ƙarfe sai dutsen ya yi kamar ya ƙanƙance. Ga ma'aikaciyar jinya mai sa safar hannu tana cirewa, ko tela mai juya yadi wuni guda, wannan rashin bai taka kara ya karya ba.

Fabe kuma lulluɓe jikin zobe ne da ƙananan duwatsu, kowanne bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Ana huda ramuka, a zaunar da su daf da juna, a tado 'yan ƙwayoyin ƙarfe daga jikin zoben su danne su. Walƙiyarsa na ɗaukar ido, sai dai ɗan ƙarfen da ke riƙe kowane dutse bai kai kan allura ba, kuma ƙwaya ɗaya kan riƙe duwatsu biyu, don haka in ta cinye sukan yi sako-sako tare. Sabulu da man shafawa na taruwa a ƙarƙashinsu su dusashe su. Ruwan ɗumi da burushi mai laushi sun isa su wanke.

Babbar matsalarsa tana zuwa ranar da yatsa ya ƙara kauri. Faɗaɗa zobe na sauya lanƙwasarsa, ramukan su motsa, duwatsun su fara zubewa. Wanda duwatsu suka zagaye shi kaf, maƙera da yawa ba sa yarda su taɓa girmansa. Shi ya sa mai saye ya fi samun sauƙi da wanda aka bar ƙasansa fili, inda za a iya yankawa a ƙara ƙarfe.