Saƙon cikar shekara da rasuwar 'yar'uwar aboki

Saƙon da ake aika wa aboki ko ƙawa ranar da 'yar'uwarsu ta cika shekara da rasuwa ya sha bamban da ta'aziyyar farko. A kwanakin zaman makoki gida cike yake, ana ta "ya haƙuri", mai rashi ma ba ya iya tantance wanda ya zo da wanda bai zo ba. Bayan shekara kuwa an naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa, sai 'yan gida kaɗai ke riƙe da ranar. Aikin saƙon shi ne ya nuna cewa akwai wani a waje da bai manta da marigayiyar ba, kuma yana yi mata addu'a.

Abu na farko shi ne ranar kanta. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka rana biyu ce ke iya zama cikar shekara. Wadda ta rasu ran 10 ga Ramadan 1445, wato 20 ga Maris 2024 a Nijeriya, ta cika shekara ran 10 ga Maris 2025 a lissafin wata. Gidan da suka yi rashi cikin azumi, da azumin suke tunawa, musamman iyaye mata. Wanda ya jira 20 ga Maris zai tarar ranar da ta fi yi musu nauyi ta riga ta wuce.

Sai kuma fahimtar gidan. Wasu na yin sadakar uku, da bakwai, da arba'in, har da ta shekara, a dafa abinci a sauke Alƙur'ani. Wasu, musamman mabiya Izala, suna ɗaukar keɓe waɗannan ranaku a matsayin bidi'a. Saƙon da ke tambayar "yaushe za a yi sadaka?" yana iya jawo muhawara inda ba a nemi ta ba. Addu'a ga mamaci kuwa babu ɓangaren da ke musunta ta, shi ya sa ita ce ƙashin bayan saƙon.

A ɗauki misalin mace da ƙanwarta ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya a hannun kaka. Ƙawarta na iya rubuta mata haka:

"Assalamu alaikum ƙawata. Yau shekara guda ke nan da rasuwar Auta, tun asuba take raina. Har yanzu in na shigo gidanku sai in ga kamar za ta fito daga kicin tana yi mana tsiya kan mun cinye mata ɗanwake. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta, ya raya abin da ta bari. Ki gaida Mama da haƙuri. Ba sai kin amsa ba, zan leƙo ran Juma'a da yamma."

An kira marigayiyar da sunan da ake kiranta a gida. Da yayar ƙawar ce, "Yaya" za a ce, ba a ambaci sunan yanka gatsau ba. Jimlar ɗanwaken ita ce ta fi kowace daraja, domin addu'o'in kowa ya san su, amma wannan ƙaramin tuni sai wanda ya zauna da ita. "Abin da ta bari" ya ɗauke nauyin ambaton jaririyar ba tare da an tono yadda aka yi rashin ba, kuma ba a faɗarsa ga wadda ba ta bar ɗa ba. An sa uwa a ciki, don ita ce ta fi kowa jin ranar. An kuma faɗi takamaimiyar ranar zuwa, abin da ya fi "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", wanda kunya ba ta barin kowa ya amsa shi.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Akwai tura saƙon da aka kwafo daga wani zauren WhatsApp, wani lokaci har da "Allah ya jiƙansa" ba a gyara ba. Akwai ɗora hoton marigayiya a waya don kowa ya gani ba tare da izinin 'yan gida ba, uwa ta buɗe waya ta yi karo da fuskar 'yarta. Akwai kuma wa'azi, irin "ai ya kamata a ce kin dangana zuwa yanzu". Mai rashi ya san hukuncin haƙuri. Hawaye bayan shekara ba rashin tawakkali ba ne.

In abokin Kirista ne, tsarin bai canza ba, lafazin ne ke sauyawa: "Ubangiji ya ta'azantar da ku" ya fi dacewa da bakinsu.

Amsar da ke dawowa sau da yawa ba ta wuce "Amin, na gode" ba, wani lokaci ma shiru. Ba a bin ta da tambayar ko saƙon ya isa. Ran Juma'ar da aka ambata sai a je, a fara da ɗakin uwar.