Yadda Da'ira Ta Warware Lissafin Da Ya Gagara A Kan Miƙaƙƙen Layi

Akwai wani zane da masu ƙididdiga ke yawan cin karo da shi. Idan aka auna tsawon mutane masu yawa, ko aka tattara ƙananan kurakuran da ake samu wajen awo, sakamakon yakan taru a tsakiya, ya riƙa raguwa ta dama da hagu, har ya fitar da siffar tudu. Abraham de Moivre ya gano wannan siffa a 1733, Carl Friedrich Gauss kuma ya yi aiki da ita a 1809 wajen nazarin tafiyar halittun sararin sama. Ginshiƙinta shi ne ƙa'idar da ake rubutawa e^(−x²), inda e take lamba ce mai kimanin 2.718.

Ƙa'idar tana gaya mana tsayin tudun a kowane wuri. A tsakiya, inda x yake 0, tsayin 1 ne. A x = 1 ya sauko zuwa 0.368, a x = 2 ya koma 0.018, a x = 3 kuwa bai wuce 0.0001 da ɗan kaɗan ba. Haka abin yake ta ɓangaren hagu. Layin ba ya taɓa ƙasa har abada, sai dai ya yi ta matsowa. Tambayar ita ce: nawa ne girman filin da ke ƙarƙashin wannan tudu, daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama? Auna irin wannan fili shi masana lissafi ke kira intigiral. Bari mu sa wa amsar suna I.

A ilimin kalkulas, hanyar da aka saba ita ce a nemo wata ƙa'ida wadda saurin canjinta ya yi daidai da wadda ake aunawa, sai a duba ƙimarta a farko da ƙarshe, a debe. A nan hanyar a toshe take. Ba wai ƙoƙari ne ya gaza ba: daga aikin Joseph Liouville na ƙarni na 19 an tabbatar cewa ba za a iya rubuta irin wannan ƙa'ida ga e^(−x²) da alamomin lissafin da aka saba ba. Pierre-Simon Laplace ya samo amsar ta wata hanya, amma dabarar da ta fi shahara ita ce wadda ake dangantawa da Siméon Denis Poisson.

Matakin farko yana da ban mamaki, domin kamar ƙara wa kai aiki ne. Maimakon a nemi I, sai a nemi I sau I. A rubuta na farko da harafin x, na biyu da harafin y, tunda sauya harafi ba ya sauya amsa. Idan aka ninka su, ƙa'idar ta zama e^(−(x²+y²)). Yanzu mun bar layi mun koma shimfiɗaɗɗen fili: x gabas da yamma, y kudu da arewa, a tsakiya kuma ga tudu na sosai. I² shi ne yawan ƙasar da ke cikin wannan tudu.

A nan ne Pythagoras ya shigo. Idan r shi ne nisan wuri daga tsakiya, to x² + y² = r². Ke nan tsayin tudun e^(−r²) ne, bai dogara da komai ba sai nisa. Ko gabas ka nufa ko arewa, in dai nisan ɗaya ne, tsayin ɗaya ne. Tudun a kewaye yake, don haka bai kamata a yanka shi murabba'i-murabba'i ba. Abin da ya dace shi ne a bayyana kowane wuri da nisansa da kusurwarsa, a raba filin zobe-zobe.

Dubi faifai. Saƙarsa daga tsakiya take farawa, kowane zagaye kaurinsa ɗaya da na bayansa, amma na bakin faifan ya fi na tsakiya cin kaba nesa ba kusa ba. Haka zobban namu suke. Zoben da ke nisan r tsawon kewayensa 2πr ne, in kuma ɗan kaurinsa dr ne, filinsa ya zama 2πr dr. Ƙasar da ke kansa kuwa fili sau tsayi ce: 2πr e^(−r²) dr.

Wannan r da ya fito daga kewayen zobe shi ne ya buɗe hanyar da ta toshe. Saurin canjin −e^(−r²) shi ne 2r e^(−r²), daidai abin da ke hannunmu. Saboda haka ƙasar da ke cikin da'ira mai nisan R ita ce π(1 − e^(−R²)). A R = 1 an sami 1.986, a R = 2 an sami 3.084, a R = 3 an sami 3.1412. Da nisan ya ci gaba, e^(−R²) sai ya ɓace, ya bar π kaɗai, wato 3.1416. Ke nan I² = π, kuma I = √π, kimanin 1.7725.

Mai karatu zai iya jarraba amsar da biro da takarda. Yanka tudun farko zuwa ginshiƙai masu faɗin 1, ka tara tsayinsu: 1 na tsakiya, sai 0.3679 da 0.0183 da 0.0001, kowanne sau biyu saboda dama da hagu. Jimillar 1.7726 ce. Bambancinta da √π sai a lamba ta huɗu bayan ɗigo.

Wannan jarrabawa tana kama kuskuren da ɗalibai suka fi yi, wato mantawa da r ɗin zobe. Wanda ya manta da shi zai tarar da tambayar farko ta dawo masa, ya ƙare da I² = πI, ya ce amsar 3.14 ce. Ai tudun da tsayinsa 1 ne, wanda ya kusa shafewa tun a x = 2, ba zai ɗauki wannan fili ba. Kuskure na biyu shi ne tsayawa a π, a manta cewa I² aka samo, ba I ba.

Dabarar tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Tana aiki ne saboda an ɗauki layin gaba ɗaya, filin ya zama ba shi da baki, ana iya rufe shi da zobba kamar yadda ake rufe shi da murabba'ai. Idan daga −1 zuwa 1 kawai ake so, filin murabba'i ne mai kusurwa huɗu, zobba kuwa ba sa cika kusurwa. Abin da za a iya shi ne a matse amsar tsakanin da'irar da ke cikin murabba'in da wadda ta kewaye shi. Ta farko ta ba da 1.986, ta biyu 2.716, don haka amsar tana tsakanin tushensu, 1.41 da 1.65. Ainihinta 1.494 ce, kuma da ƙiyasi na tebur ko kwamfuta ake samo ta. Wannan matsewar ce ma ke tabbatar da hujjar: idan murabba'in ya yi ta girma, da'irorin biyu duk π suke nufa, abin da ke tsakaninsu ba shi da wata mafita.

Haka kuma ba kowace ƙa'ida ce ke karɓar wannan dabara ba. Ana bukatar ƙimarta a x sau ƙimarta a y ta dogara da nisa kaɗai, kuma cikin ƙa'idoji masu santsi, dangin e^(−x²) ne kawai ke da wannan hali. Shi ya sa duk littafin ƙididdiga ke rubuta √(2π) a ƙasan ƙa'idar wannan tudu. Siffar da suke amfani da ita e^(−x²/2) ce, filinta √(2π), kimanin 2.507, kuma sai an raba da wannan lamba kafin jimillar yiwuwar abubuwa ta zama 1 cif.