Dutse ɗaya, suna huɗu: abin da ya faɗo a Tasha ta Shida

A daren 6 ga Oktoba 2008, wani mai duban sararin samaniya, Richard Kowalski, yana bakin aiki a kan dutsen Lemmon da ke jihar Arizona ta Amurka, sai madubin hangen nesansa ya kamo wani ɗigon haske yana gudu a tsakanin taurari. Ya aika da ma'auninsa ga cibiyar da ke tattara irin wannan rahoto. Da aka yi lissafi sai aka ga abin duniya ya nufo, kuma bai fi awa ashirin ya rage masa ba. Aka sa masa lamba 2008 TC3, aka kuma faɗi inda zai shigo da lokacin: arewacin Sudan, da asubahin 7 ga wata.

Haka kuwa aka yi. Da misalin ƙarfe shida saura kwata na safe, agogon Sudan, wuta ta keta sama a kan hamadar Nubiya, ta tarwatse a tsayin kilomita 37. Matuƙan wani jirgin fasinja da ke ratsa samaniyar Chadi sun hango walƙiyar daga nesa. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse tun yana sarari, aka yi hasashen faɗowarsa, ya kuma zo a kan kari.

Labarin wannan dutse ya isa ya warware sunaye huɗu da kan rikita mutane, domin a cikin kwana guda ya amsa dukkansu. Lokacin da Kowalski ya gan shi, astaroyid ne, wato dutse ko curin ƙarfe da ke kewaya rana kamar yadda duniya ke yi, sai dai bai kai girman duniyoyi ba. Yawancin irinsa suna can tsakanin Mas da Jupita, ragowar kayan da suka rage tun kafuwar duniyoyi shekara wajen biliyan huɗu da rabi da suka wuce. Girmansu ya bambanta ƙwarai. Siris, wanda Giuseppe Piazzi ya gano a 1801, faɗinsa ya kai kusan kilomita 940, har yanzu ma an ɗauke shi daga sahunsu an mai da shi ƙaramar duniya. Na Sudan kuwa faɗinsa mita huɗu ne kawai, nauyinsa wajen tan 80.

Mitiyoroyid ƙanen astaroyid ne. Shi ma yana sarari yana kewaya rana, girma ne kaɗai ya raba su. A 2017 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ja layi: daga ƙurar da ido ba ya ko gani sosai har zuwa mita ɗaya mitiyoroyid ne, abin da ya ɗara haka astaroyid. Layin na saukaka magana ne kawai, duwatsun ba su san da shi ba, shi ya sa a rubuce-rubuce da dama ake kiran duk wani dutse da ya shigo iskar duniya mitiyoroyid, ko da ya ɗan wuce mita ɗayan. Wasu ɓaraguzan karo ne tsakanin manyan duwatsu. Wasu kuma tauraruwa mai wutsiya ce ta zubar da su a hanyarta, sa'ad da zafin rana ya narkar da ƙanƙararta ya saki ƙurar da ke ciki.

Mitiyo shi ne wanda ya fi ɓatar da mutane, domin shi ba dutse ba ne ko kaɗan. Haske ne, wato zanen wutar da ake gani da dare a ce tauraro ya faɗi. Babu tauraron da ya motsa daga wurinsa. Taurari manyan ranaku ne masu nisan gaske, wannan haske kuwa a cikin iskarmu yake, tsakanin kilomita 80 zuwa 120 sama da kai. Sai na huɗu, mitiyorait, shi ne guntun da ya tsira daga wutar ya iso ƙasa har hannu ya ɗauka.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ke haifar da hasken. Yawancin waɗanda ake gani daga tsakar gida ba su wuce ƙwayar gero ba, babbansu ya kai tsakuwa. Gudu ne ke ba su wannan ƙarfi. Suna shigowa da saurin kilomita 11 zuwa 72 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ƙarfin abu mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninki huɗu yake yi. A ɗauki tsakuwa mai nauyin giram ɗaya tana tafiyar kilomita 30 a daƙiƙa. Ƙarfin da ke tattare da ita ya kai na ƙona giram goma na fetur, kuma ya ninka abin da ake buƙata don mai da ita tururi sau da yawa. Ko ɗan kaso kaɗan na wannan ƙarfi ya koma zafi a jikinta, ta gama yawo.

Ana yawan cewa gogayya da iska ce ke ƙona su. Maganar ba ta cika ba. A can sama inda iska ba ta da kauri, ƙwayoyin iska ne ke dukan ƙaramar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, suna dumama ta suna fizgar fatarta. Babban dutse kuwa, da ya nutso ƙasa-ƙasa, iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta matse wuri guda, kuma iskar da aka matse farat ɗaya zafinta kan haura digiri dubbai. Wannan zafi ne ke narkar da bayan dutsen, iska ta share narkakken, sabuwar fata ta bayyana ita ma ta narke. Ba ci da wuta irin ta itace ba ce, zagwanyewa ce daga waje zuwa ciki. Hasken ma ba daga jikin dutsen kaɗai yake fitowa ba, yawancinsa daga tururin dutsen ne da iskar da ta yi zafi a kewayensa, shi ya sa ƙwaya ɗaya kan haska har a gan ta daga nisan kilomita ɗari.

To me ya sa wasu ke tsira? Girma ne na farko. Ƙaramin abu kusan duk jikinsa fata ne, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika ya ƙare. Babba kuwa yana da abin sadaukarwa: kafin wuta ta kai cibiyarsa iska ta rage masa gudu. Idan gudun ya sauko zuwa wajen kilomita uku ko huɗu a daƙiƙa, narkewa ta tsaya, hasken ya mutu, ragowar ya ci gaba da faɗowa cikin duhu kamar kowane dutse da aka saki daga sama. Na biyu taurin jiki, domin ƙarfe ya fi jure dukan iska a kan dutse mai burtsatsi. Na uku gudun shigowa. Wannan ne dalilin da ya sa darare masu yawan faɗuwar taurari ba sa barin komai a ƙasa. Na wajen 12 da 13 ga Agusta ƙura ce mai taushi daga tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle, tana shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa, duk tana ƙarewa a sama. A ƙasar Hausa ma lokacin tsakiyar damina ne, hadari kan rufe kallon. Na 13 da 14 ga Disamba ya fi daɗin gani idan ƙurar hunturu ta yi sauƙi.

Dutsen Sudan ya samu sassauci ta fuskar gudu, domin bai kai kilomita 13 a daƙiƙa ba, kusan mafi ƙanƙantar gudun da ake shigowa da shi. Rauninsa jikinsa ne, mai ramuka da saurin farfashewa. Matsin iska ya fi ƙarfinsa tun yana can sama sosai, ya fashe, kuma da zarar dutse ya zama dubban gutsattsari kowane guntu sai ya samu tasa fatar da wuta za ta ci. Ganin tsayin da ya tarwatse, masana da dama sun ɗauka ƙura kawai ya zama.

A watan Disamba na shekarar, Peter Jenniskens daga Amurka da Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum suka kwashi ɗalibai zuwa hamadar. Suka jera su sahu guda, suna takawa a ƙafa suna duba yashi a kan layin da lissafi ya nuna. Sun samu. Bayan zuwa da dama an tara gutsattsari kusan 600, jimillar nauyinsu kilo goma da rabi. An sa musu suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa, a kan layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamad. Kilo goma da rabi daga tan 80 bai kai kashi ɗaya cikin dubu bakwai ba. Ko an ce wasu sun ɓuya a yashi ba a gan su ba, iska ce ta cinye kusan duka.

Kariyar iska tana da iyaka. A ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha. Shi ma yawancinsa ƙura ya zama, amma ƙarar fashewar ta farfasa tagogin dubban gidaje, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, galibi daga gilashi, domin sun ruga taga kallon haske kafin ƙarar ta iso. Babu wanda ya hango shi tun da wuri, saboda ta ɓangaren rana ya ɓullo.

Wanda ya tsinci dutse yana zaton daga sama yake, akwai alamun da zai duba. Sabon faɗowa yana da baƙar fata siririya, kaurinta bai fi milimita ɗaya ba, cikinsa kuwa sau da yawa fari-fari ne ko ruwan toka, domin zafin bai samu lokacin shiga ciki ba. Yawancinsu sun fi dutsen gari nauyi, kuma maganaɗisu na kama su saboda ƙarfen da ke ciki. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne tama da kashin ƙarfe na tsofaffin wuraren narka tama, masu nauyi da duhu su ma. Kashin ƙarfe cike yake da ƙofofin kumfa, abin da da wuya a gani a cikin mitiyorait. Hukuncin ƙarshe dai sai ɗakin gwaji.

Gwajin maganaɗisu ma ba ya kama kowa, kuma ɗaya daga cikin shahararrun da ba zai yi musu aiki sosai ba a ƙasar Hausa ya sauka. A ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, ya ji ƙara mai ƙarfi, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Wannan bai fito daga zoben duwatsun nan ba. A 1995 masana suka sami iska a kulle cikin ɗigon gilashin da ke jikinsa, ta yi daidai da iskar Mas da kumbon Viking suka auna a 1976. Wani babban dutse ne ya daki Mas tun da daɗewa, ya cilla guntun jikinta sarari, ya yi ta kewaya rana shekaru miliyoyi kafin ya haɗu da duniya. Wani ɗan'uwansa mai kusan kilo 25, da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a birnin New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.